Pil ɗaya, ampul ɗaya, da kuskuren da na daɗe ina koyarwa

Shekara goma sha biyu ina tsayuwa gaban ƴan ajin ƙarshe na firamare da pil a hannun dama, ampul a hagu, ina ce musu: “Wuta tana fita daga pil, ampul ta shanye ta, shi ya sa take haske.” Suna maimaitawa, ina jin daɗi. Ɗiyata ta fari, wadda ke kwaleji yanzu, ita ta kwance mini zane a cikin gidana. Wani dare tana bitar darasinta ta ɗago kai ta ce: “Baba, in ampul shanye wutar take yi, waya ta biyun nan da ke komawa wurin pil me take ɗauka?” Na buɗe baki, ban sami abin faɗi ba.

Washegari na tafi wurin wani mai gyaran rediyo a kasuwa, na aro mitarsa ta awon lantarki. Na sayi pil mai faɗi, irin mai harsuna biyu na ƙarfe, wanda aka rubuta 4,5 V a jikinsa, da ƙaramar ampul ta tsohuwar tocila, mai siririn zare a ciki. A gindinta an buga 4,5 V da 0,3 A. Sau nawa na riƙe irin wannan ampul ban taɓa karanta rubutun gindinta ba.

Muka haɗa: waya daga harshe ɗaya zuwa ƙasan ampul, wata daga gefen ampul zuwa ɗaya harshen. Ta kama. Sai na tsinka hanyar kafin ampul na sa mita a tsakani, ta nuna kusan 0,3. Na mayar da ita bayan ampul, a kan wayar da ke komawa. Kusan 0,3 ɗin dai, ko ɗigo bai ragu ba. Abin da ya shiga shi ya fito. Ampul ba ta shanye kuran; ƙarfin da kuran ɗin ya ɗauko daga pil shi take karɓa ta mayar zafi da haske, kuran kuwa ya ci gaba da zagayensa.

Matsalarmu ita ce kalmar “wuta” guda ɗaya muke rufe abubuwa uku da ita. Na farko shi ne turi, wato ƙarfin da pil ke tunkuɗa lantarki da shi. Littafin lakwal yana ce masa tansiyo, ana auna shi da bolt. Na biyu shi ne kuran, yawan lantarkin da ke ratsa waya a kowace daƙiƙa, ana auna shi da ampar. Na uku turjiya, wato yadda hanya ke ƙin bari a wuce, ana auna ta da om.

Ku dubi tankin ruwa da ke bisa ƙarfe a unguwa. Tsawonsa daga ƙasa shi ke sa ruwa ya zo da matsi: wannan ne turi, kuma yana nan ko an rufe famfo. Haka pil da ke cikin aljihu yana da bolt 4,5 nasa ko ba a haɗa shi da komi ba. Ruwan da ke zuba cikin bokiti a daƙiƙa shi ne kuran. Ƙuncin tiyo shi ne turjiya. A ɗaga tanki sama, ruwa ya ƙaru. A matse tiyo, ya ragu. Sai dai misalin yana da iyaka, kuma gara a gaya wa yara tun da wuri: in aka yanke tiyo ruwa malala yake yi, in aka yanke waya lantarki tsayawa yake yi cak. Ba ya tafiya sai hanya ta zagayo ta rufe.

Abin da ya fi buɗe mini kai shi ne gane cewa pil ba shi ke yanke yawan kuran shi kaɗai ba. Pil ya kawo turi, ampul ta kawo turjiya, kuran kuwa sakamakon karon su biyu ne. Wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, shi ya wallafa wannan dangantaka a 1827, kuma a littattafanmu ana rubuta ta haka: U = R × I. U turi ne, R turjiya, I kuran.

Muka ɗauki lambobin gindin ampul. Turjiya ita ce turi a raba da kuran: 4,5 a raba da 0,3 ya ba da om 15. A juya lissafin: bolt 4,5 a kan om 15 ya ba da ampar 0,3. Da za a sa wata ampul mai om 30 a kan pil ɗin nan, kuran zai sauko zuwa 0,15, rabi ke nan, alhali pil bai canza ba.

Daga nan ake fahimtar ɓarna iri biyu da yara ke yi. Yaro ya ɗauki wannan ampul ya ɗora a batirin babur mai bolt 12: turin ya kusa ninkawa uku, kuran ya fi ƙarfin zaren, ta yi wal sau ɗaya ta mutu. In ka ɗaga ta wajen haske za ka ga zaren ya tsinke. Ta biyu ta fi haɗari: a haɗa harsunan pil da waya tsirara ba ampul a tsakani. Turjiyar waya kusan babu ce, don haka kuran ya yi yawa, waya da pil su ɗau zafi, pil ya ƙare nan da nan. A ƙaramin pil asarar kuɗi ce. A batirin mota waya na iya yin ja ta ƙona hannu. Wutar soket ta gida kuwa, mai bolt 220, ba a yin wannan gwaji da ita ko kusa.

Ina cikin jin na gama ganewa ɗiyar ta cire ampul daga waya, ta juya mita wajen awon om, ta ɗora. Bai kai om 2 ba. Ta ce: “Baba, ina 15 ɗinka?” Na koma wurin mai rediyo da ampul a hannu. Ya yi dariya ya ce: “Mushe, ai da sanyinta kuka auna.” Zaren ƙarfen tangistan ne, kuma turjiyarsa na hawa in ya yi zafi. Yana haske ne a zafin da ya haura digiri 2000, a nan turjiyar ta ninka ta sanyi wajen sau goma. Om 15 ɗin na ampul mai ci ne. Shi ya sa ma irin waɗannan ampul suka fi mutuwa daidai lokacin kunnawa: zaren na da sanyi, turjiya kaɗan, kuran ya afko da yawa a ƙiftawar farko.

Wanda zai gwada a aji ya nemi ampul mai zare, ko da za a sha yawo a kasuwa. Ƙananan fitilun tocilolin yanzu ba zare gare su ba: in ka juya musu pil ba sa kamawa, kuma kuran nasu ba ya bin wannan lissafi.

Ranar Litinin na shiga aji da mitar aro, na ce wa yara su ja layi a kan jimlar da na ba su a watan jiya. Wani daga baya ya ɗaga hannu ya ce: “Mushe, to in kuran yana komowa duka, me ya sa pil ke ƙarewa?” Na ce sinadarin cikinsa da ke yin turin shi ke ƙarewa. Na ciro wani tsohon pil daga aljihun tebur muka auna shi da ampul a haɗe: bolt 3 da ƴan kai, zaren kuma ja kawai yake yi kamar garwashi.