Gaisuwar Amarya: Maganar da Ba a Ambaton Suna

Ranar buɗar kai, idan aka kai amarya gaban iyayen mijinta, kusan ba ta cewa komai. Tana durƙushe cikin lulluɓi, ƙawaye da gwaggonni ne ke magana a madadinta. Wuyar tana farawa bayan ƴan rakiya sun watse, ta wayi gari ita kaɗai a gidan da dole ta gaida kowa, alhali mafi yawansu ba ta da damar kiran sunansu.

A ɗauki misalin wata amarya ƴar Damagaram da aka kawo Maraɗi, cikin babban gida. Sunan uban mijinta Musa, mijin nata kuma shi ne ɗan fari. Da hantsi takan cire takalmi a ƙofar ɗakin uwar miji, ta yi sallama, ta durƙusa nesa kaɗan, idonta a ƙasa, ta ce: “Inna, kun kwana lafiya?” Abu biyu ne ke ɗauke da ladabin wannan jimla. Na farko, “Inna” ba ita ta ƙago shi ba: ta saurari yadda mijinta ke kiran mahaifiyarsa, ta ara. Da ya ce Hajiya ko Mama, haka za ta bi. Na biyu shi ne wakilin suna na jam'i, “kun” a maimakon “kin”. Mutum ɗaya ake gaisarwa, amma jam'in yana sanya tazara tsakanin bakin ƙarami da girman babba.

Daga nan sai ta taƙaita. Jan gaisuwa na babba ne: surukar ce za ta tambayi gajiya da baƙunta, amarya ta amsa a hankali da “lafiya lau” ko “da godiya”. In an sa mata albarka ta ce amin, ta ɗan jira, sannan ta tashi. Amaryar da ta jero tambayoyi kamar yadda take yi wa ƙawarta ta karɓe matsayin da ba nata ba.

Kunyar ba ta ɓangare ɗaya ba ce. Surukar ma ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Sai ta ce: “Ya fita ne?” Amarya ta amsa: “E, sun fita.” Mata biyu suna zancen mutum ɗaya, babu wadda ta ambace shi, kuma babu wadda ta ruɗe.

Tarkon yana wajen yara. A gidan akwai jika da aka raɗa wa sunan kakansa, Musa. Cikin mako na biyu amaryar ta ji abokan wasansa sun kira shi a zaure, ita ma ta ɗaga murya a tsakar gida ta ce “Musa”. Babu wanda ya tsawata mata. Hira dai ta tsaya cak, washegari kuma amsar gaisuwarta ta gajarce. Facalarta ce ta ja ta gefe ta faɗa mata cewa a gidan nan Abba ake ce wa yaron, wasu kuma Kalla, daga laƙabin Kallamu da Hausawa ke yi wa mai suna Musa. Wato haramcin yana bin sunan ne duk inda ya sauka, ba mutumin kaɗai ba. Haka ake gane an yi kuskure a gidan surukai: ba da faɗa ba, da shiru.

Sai dai kunya ɗaya ba ta yi wa kowa daidai. Wan miji yana kusa da uba: a rusuna, a ce Yaya, a yi jam'i. Ƙannen miji kuwa abokan wasa ne. Wadda ta durƙusa wa ƙanin miji tana “kun kwana” za ta sha tsiya, ko a ce tana ɗari-ɗari da dangi. Kakar miji ma, wadda ke kiran jikanta “mijina”, za ta tare ta da “Ga kishiyata ta zo ƙwace mini miji.” Nan amarya za ta durƙusa don tsufa, amma ta yi murmushi ta mayar da ƴar raha. Shiru a wannan wuri girman kai ne.

Saboda haka abin da amarya ke koyo a makonnin farko ba jerin kalmomi ba ne, domin ta san su tun tana ƙarama. Taswirar gidan take koyo: wa ake wa jam'i, wa ake wa wasa, wane suna ne aka rufe, kuma da wane laƙabi aka maye shi. Dangin miji sukan yafe mata karin harshen garinsu, har su riƙa kwaikwayonta don nishaɗi. Sunan suruki a bakinta kuwa ya kan daɗe ba a manta ba.