Yarinyar da aka ce kurma ce

Wata ranar Laraba bayan la'asar, wata maƙwabciyarmu a nan Fadaman Mada ta shigo kemis ɗina riƙe da hannun yarinya 'yar shekara bakwai. Bayan mun gaisa ta ce, "Malama, maganin sanyi za ki ba mu, idan tana fitsari kuka take yi." Na sunkuya na tambayi yarinyar inda ke mata ciwo. Ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Matar ta ce in daina wahalar da kaina, ba ta jin Hausa. 'Yar ƙanenta ce, an kawo ta daga wani ƙauye a wajen Monguno ta jihar Borno, Barbarci kaɗai take ji. Mako biyar ke nan da sa ta a aji ɗaya na firamare.

Ban ba su maganin da suka zo nema ba. Zafin fitsari a jikin yaro, musamman idan da zazzaɓi, gwajin fitsari yake buƙata kafin a ɗora shi a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta, don haka na tura su asibiti. Amma kafin su fita na roƙi goggon ta tambaye ta da yarensu: sau nawa take zagawa a makaranta? Amsar ta sa na ajiye biron da ke hannuna. Ko sau ɗaya. Ba ta san yadda za ta nemi izini ba, kuma ta taɓa ganin an tsawata wa wani yaro da ya tashi ba tare da ya tambaya ba. Sai ta samo wa kanta dabara: ta daina shan ruwa da safe. Tun daga bakwai da rabi har ƙarfe ɗaya, a zafin Bauchi, ba sha ba zagawa. Riƙe fitsari na tsawon sa'o'i tare da ƙarancin ruwa a jiki na daga cikin abubuwan da ke buɗe wa ciwon mafitsara ƙofa, musamman ga 'yan mata.

Akwai kuma magana ta biyu. Malamar ajin ta aiko a gaya wa goggon wai a duba kunnen yarinyar, domin ko an yi mata magana ba ta amsawa. 'Yan ajin ma har sun raɗa mata suna, Kurma. Ban ga laifin malamar ba. Mace ɗaya a gaban aji cike da yara, ga ɗaya da ba ta taɓa buɗe baki ba, dole ta yi wannan zato.

Sai dai raba kurumta da rashin jin yare ba abu ne mai wuya ba, kuma a gida ake farawa. Na tambayi goggon: a gida tana magana? Ta yi dariya, ta ce aku ce, har sai an ce ta yi shiru. Idan an kira ta daga ɗaki tana tsakar gida, da murya ƙasa-ƙasa, tana amsawa? Tana amsawa. Kunnenta ya taɓa zubar da ruwa ko mugunya? Bai taɓa ba. Yaron da ke zuba zance da yarensa kamar sauran tsaransa, yana kuma jin kira daga bayansa, da wuya matsalarsa ta zama ta kunne. Da a ce a Barbarcin ma maganarta ba ta fita, ko sai ta kalli bakin mutum take ganewa, da sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa na ATBU zan tura su, ba jira.

Shirun nata yana da bayani. Masu nazarin koyon harshe sun daɗe da lura cewa yaro ƙarami da aka tsunduma cikin sabon yare yakan yi shiru na makonni, wani har watanni, yana saurare yana tarawa. Ana gane lafiyayyen shiru da cewa fahimta tana ƙaruwa: an ce a tashi, da farko sai ta ga wasu sun tashi, daga baya tana tashi tare da su. Nauyin da ke kanta ma biyu ne, domin Hausa ake yi a filin wasa, ita malama ke bayani da ita, littafin kuma da Turanci yake.

A nan ne na yi nawa kuskuren. Na ce wa goggon su daina yi mata Barbarci a gida, su riƙa yi mata Hausa zalla don ta yi saurin kamawa. Bayan kwana goma matar ta dawo, ta ce, "Malama, shawararki ta kashe mana bakin yarinya." Ta yi shiru a makaranta, yanzu ta yi shiru a gida, har ta koma fitsarin kwance da ta daɗe da bari. Na toshe mata wuri ɗaya tilo da take iya faɗin abin da ke ranta. Na ba da haƙuri, na ce su koma yadda suke. Hausa a Bauchi ba sai an nemo ta ba, tana bakin ƙofa, tana wajen mai ƙosai. Barbarcin ne ba ta da inda za ta ji shi sai a bakin goggonta.

Washegari na bar yaron shago, na raka goggon makarantar. Abin da muka shirya da malamar bai taka kara ya karya ba. Mun zaɓi jimla huɗu kacal: "Malama, zan zaga", "ina jin ƙishirwa", "ba ni da lafiya", da "ban gane ba". Goggon za ta riƙa bita da ita da dare, tana fassara mata. Kafin bakinta ya iya, malamar ta yarda idan ta ɗaga yatsa biyu, izinin zagawa take nema, ta tafi ba tambaya. Ita ma malamar ta karɓi kalma ɗaya daga wajen goggon, "nji", wato ruwa. Ranar da ta fara faɗa, in ji ta, yarinyar ta zaro ido, sannan ta rufe baki tana dariyar yadda aka karya mata yare.

Sai batun wurin zama. An ɗauko ta daga bayan aji aka haɗa ta benci ɗaya da wata yarinya mai surutu da son mutane, 'yar Fulani. Goggon ta ce to, an haɗa ta da baiwarta. Wasan Barebari da Fulani ko a ofishin hedimasta ba a barinsa. Ban nemi a haɗa ta da wadda ta fi kowa ƙoƙari ba, wadda za ta ja hannunta lokacin tara nake so. Na kuma roƙi malamar kada ta tsayar da ita gaban aji ta ce sai ta maimaita. Ta tambaye ta abin da za ta amsa da hannu: nuna mini, ɗauko mini, ƙirga mini. Da aka zuba mata marafan kwalba aka rubuta 7 + 5 a allo, ta tura goma sha biyu gaban malamar tun wasu ba su gama ƙirga yatsu ba.

Mun yi da malamar cewa idan zango biyu suka wuce fahimtarta ba ta motsa ba, ko ta ci gaba da yin gum a makaranta alhali tana Hausa a unguwa, za mu nemi likitan yara. Na kuma gaya mata abin da masanin nan Jim Cummins ya nuna: yaren hira yakan zauna cikin shekara ɗaya zuwa biyu, amma yaren karatu da jarrabawa yakan ɗauki biyar zuwa bakwai. Kada ranar da aka ji ta tana faɗa da Hausa a filin wasa a ɗauka aiki ya ƙare.

Gwajin asibiti ya nuna ciwon mafitsara ne, ta sha magani ta warke. Yanzu da gorar ruwa take tafiya. Makon jiya goggon ta aiko ta sayen farasitamol. Ta ajiye kuɗin a kan kanta, ta ce, "Anti, wai a ba da canji."