Ido Yana Komawa Baya, Kunne Ba Ya Komawa

Wata ranar Talata cikin watan Mayu na 2024, ina zaune a ɗakin labarai bayan sallar la'asar, sai wani tsohon malamina ya bugo mini waya. Ya ce wani abokinsa, Babban Sakatare a wata ma'aikata, zai yi jawabi ran Asabar a gaban manoma wajen buɗe rabon takin zamani. An rubuta masa jawabin da Turanci, an fassara shi da Hausa, amma da ya gwada karantawa sai ya ji harshensa yana sarƙewa. Malam ya roƙe ni in duba. Na amsa da sauri, domin a zatona aikin sa'a guda ne. Ashe kwana uku zai ci.

Da takardun suka iso, na karanta su a zuci, ban ga wani aibu ba. Nahawu daidai, ma'ana daidai. Sai na tuna da abin da aka koya mana a darasin rediyo sa'ad da nake neman difloma, wato rubutun da za a ji da kunne, da baki ake gwada shi. Na rufe ƙofa, na miƙe tsaye, na ɗora agogo a kan tebur, na shiga karantawa da ƙarfi. Kafin in gama shafi na farko na riga na gane inda gizo yake saƙa. Mai karanta jarida in ya ɓata a tsakiyar jimla, sai ya mai da idonsa baya ya sake bi. Manomin da yake zaune a rana yana sauraron lasifika ba shi da wannan dama. Abin da ya wuce kunnensa ya wuce ke nan.

Matsala ta farko ita ce tsawo. Minti 10 aka ba Babban Sakatare, alhali kuwa jawabin kalma 2,300 ne, kuma ya ɗauke ni minti 21. Wato ina karanta kalma 110 a minti ɗaya, ni da nake cikin ɗaki ba mai katse ni. A fili kuwa, inda murya take dawowa daga lasifika, ga tafi, ga shan ruwa, sai na yi lissafi a kan kalma 100. Ke nan kalma 1,000 kaɗai za su shiga. Ban bi jimla jimla ina yanke wutsiya ba. Na tambayi kaina abin da ya wajaba manomi ya koma gida da shi, na samu abu uku: yawan takin, hanyar samunsa, da ranar da za a fara. Tarihin ma'aikata da jerin tarurrukan da aka yi, duk na ajiye su gefe domin a raba wa 'yan jarida a rubuce.

Daga nan na koma kan ginin jimloli. Bari in kawo wa mai karatu guda ɗaya yadda na same ta:

"Bisa la'akari da irin ƙalubalen da manoma suka fuskanta a daminar da ta gabata sakamakon fari, tare da yin la'akari da ƙudurin gwamnati na tabbatar da wadatar abinci, ma'aikata ta hanyar hukumar da abin ya shafa ta kammala shirye-shiryen aiwatar da rabon buhunan taki 120,000 wanda za ta gudanar da shi ta hannun ƙungiyoyin manoma da ta yi wa rajista."

Kalma 60 ke nan babu aya a tsakani. Ba mahalukin da zai faɗe ta da numfashi ɗaya, kuma duk inda ya tsaya ya ja iska, a nan ma'ana za ta tsinke. Takin da aka taru dominsa bai fito ba sai a kalma ta 44. Har ila yau, gwamnati da ma'aikata da hukuma duk "ta" ake ce musu a Hausa, saboda haka ba mai iya sanin wadda ta yi wa ƙungiyoyin rajista. Ni kaina sai da na yi waya na tambaya, aka ce mini ma'aikatar ce. Ga yadda na mai da ita:

"Gwamnati ta tanadi takin zamani domin daminar bana. Buhu dubu ɗari da dubu ashirin ne. Za a raba shi ta hannun ƙungiyoyin manoma waɗanda ma'aikatarmu ta yi wa rajista. Mun yi wannan tanadi ne saboda mun san wahalar da ƙarancin ruwan sama ya jawo muku bara."

Jimla huɗu, kowace da saƙonta guda, kowace kuma numfashi ɗaya ya ishe ta. Labarin ya zo a gaba, dalili ya biyo baya.

Mai lura zai ga na rubuta adadin da kalmomi. Dalili shi ne, in mai jawabi ya ci karo da 120,000 a kan takarda, dole ya tsaya ya juya shi a kansa, kuma galibi abin da zai fito daga bakinsa shi ne "dubu ɗari da ashirin". To, wannan magana fuska biyu gare ta. Wani zai ji 120,000, wani kuwa zai ji 100,020. Maimaita kalmar "dubu" ita ce ta raba gardama. Kuɗi ma haka na yi musu, na rubuta su da kalmomi, kana na bar adadi uku kacal cikin jawabin duka, domin kunne ba ya riƙe lissafi mai yawa.

Akwai kuma wani tarko da ya keɓanta da rubutunmu na boko. Ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali, sai mai karatu ya gane daga abin da ke kewaye da kalmar. "Fari" na rashin ruwa, da "fari" jam'in fara, da "fari" na launi, duk haka ake rubuta su, amma ba haka ake faɗarsu ba. A gaban manoma kuwa, fari da fari duka suna cinye gona. Shi ya sa na sa "ƙarancin ruwan sama". Haka "ma'aikata" tana iya zama wurin aiki, tana iya zama masu aikin. In na ce "ma'aikatarmu" ko "ma'aikatanmu", harafi ɗaya ya warware. Sa'an nan na bi kowane ƙ da ɗ da ɓ na mai da musu ƙugiyarsu, domin mai buga takardar ya zubar da su, har "ƙasa" ta koma "kasa".

Duk wannan gyara ne na sauƙaƙawa. Amma mai magana Babban Sakatare ne, a gaban sarki da hakimai, ba hira ce ta bakin kasuwa ba. A nan na fahimci cewa martabar jawabi ba a tsawon jimla take ba. Tana cikin gaisuwa da zaɓen kalma. Jerin manyan baƙi ban taɓa shi da ra'ayina ba, na nemi jami'in da ke kula da tsarin taro ya ba ni shi bi da bi, kowa da cikakkiyar sarautarsa. Ko'ina na bar "mu" maimakon "ni", domin da bakin hukuma yake magana. Inda aka ambaci wani shugaban manoma da ya riga mu gidan gaskiya, na sa "ya rasu" tare da addu'a. Karin magana guda ɗaya na bari, a wajen rufewa.

Ran Alhamis da dare na kai masa aikin a gidansa. Na buga shi da manyan haruffa, layi nesa da layi, a fuska ɗaya ta takarda, kowane shafi da lambarsa, kuma ban bar wata jimla ta tsallaka daga shafi zuwa shafi ba. Ya miƙe ya karanta, ni kuwa ina riƙe da fensir, duk inda ya yi tuntuɓe in sa alama. Ƙa'idata ita ce, in ya yi tuntuɓe sau biyu a wuri ɗaya, laifin jimlar ne, ba nasa ba. Yana cikin tafiya sumul, sai ya tsaya cak a shafi na huɗu, ya cire tabarau.

Ya ce, "Malam, wa ya ce maka za mu gina rumbunan ajiya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yana cikin takardar da aka ba ni."

Ya jawo ta farkon, ya nuna mini da yatsa. Abin da ke ciki shi ne "ana nazarin yiwuwar samar da rumbunan ajiya". Ni kuwa da na ga maganar ta yi nauyi a baki, sai na mai da ita "za mu gina muku rumbunan ajiya". Ta fi daɗin ji, ba shakka.

Ya ce, "Babu wannan a kasafin kuɗin bana. In na faɗa ran Asabar, gidan rediyo zai ɗauka, baɗi war haka a sako mini muryata. Kai ka gyara jimla, ni kuwa ka ɗora mini bashi."

Kunya ta rufe ni, domin ni ɗan jarida ne, na kuma san da ina cikin taron da wannan alkawari zan buɗe labarina. Kalmomin nan da na ɗauka ciko ne, irin su "nazari" da "yiwuwa", su ne iyakar abin da hukuma ta amince ta faɗa. Muka zauna muka sake ta tare: "Maganar rumbunan ajiya tana gabanmu, muna nazarinta. Ba mu yanke shawara ba tukuna." Ta yi sauƙin faɗa, ba ta kuma ƙara kome a kan gaskiya ba. A daren nan na ɗora tsohon jawabi kusa da sabo, na bi kowane "za mu" na tabbatar yana da asali. Na sami wani guda ɗaya da ya zarce, na gyara.

Ran Asabar na tsaya can baya cikin manoma, kusa da masu sayar da ruwa, inda lasifika ba ta kai sosai. Ya gama cikin minti 11. Da aka watse na tambayi wani dattijo abin da aka ce. Ya faɗa mini yawan buhunan daidai, ya ce ta hannun ƙungiya za a karɓa, kuma ran Litinin za a fara. Na ce, "To, Baba, rumbuna fa?" Ya kaɗa kai, ya ce, "Ɗana, ai wannan cewa ya yi ba su gama shawara ba."

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini jawabi in gyara, nakan ce masa ina da ikon sauya tsawon jimla da jerin kalmomi, amma nauyin alkawari na mai jawabi ne. Kuma ba na miƙa aikin sai na ji shi daga bakin wanda zai faɗa.