Abin da na rubuta a ƙasan hoton

A 2009 na bar Damargu zuwa Libiya, sai bana na sake taka ƙauyenmu da ke yankin Belbeji. Daga Damagaram muka kama hanyar Tanut, muka wuce matatar man SORAZ, wadda babu ita lokacin da na tafi. Belbejin ma sai a 2011 ta samu nata yankin mulki.

Gawon da ke bakin rijiya yana nan. Rumbunan gidanmu dai sun koma biyu daga biyar. Na je kabarin Baba, wanda labarin rasuwarsa ya iske ni ta waya.

Ɗana mai shekara tara ne ya fi tsaya min a rai. Inna ta kama hannunsa ta ce, "Maigidana, ina gajiya?" Yaro ya juyo yana tambayata da Larabci abin da take nufi. Inna ta yi dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni. Duk shekara ina aiko kuɗin hatsi, amma ban taɓa zaunar da shi na koya masa gaisuwa ba.

Kwana goma muka yi. Kowace safiya sai ya durƙusa ya gaida ta kafin a dama fura. Ran tafiya na ɗauke su hoto a gindin rumbu, na rubuta a ƙasa: "Mun iso a makare. Yau ya ce mata ba gajiya da bakinsa."