Kalmar "ci" a Hannun Mai Ƙamus

Idan mai rubuta ƙamus ya iso kan "ci", dole ya yanke hukunci. Cin tuwo yakan zo da farko, domin shi ne tushe. To, "ci jarrabawa" fa? Akwai ma'auni: wanda ya ce "ya ci tuwo da jarrabawa" zai ba mutane dariya, alamar ma'anonin biyu ne. Amma "ya ci tuwo da nama" ba ya tayar da kunne.

Ma'aunin yakan gaza a kan "wuta ta ci gida". Wani zai bar shi ƙarƙashin ma'ana ta farko, tunda wuta ma cinyewa take yi, wani kuma ya ware masa lamba. Saboda haka ɗalibin da ya ga ƙamus biyu sun saɓa, kada ya yi saurin cewa ɗaya ya yi kuskure. Ya gwada misalansu tukuna.