Kama da Wane Ba Ta Wane: Wasiƙa Kan Haruffa Shida

Akwai magunguna biyu da sunayensu suka fara da haruffa takwas iri ɗaya: chlorpropamide da chlorpromazine. Kowannensu haruffa goma sha huɗu ne, kuma haruffa shida na ƙarshe kaɗai suka raba su. Na farko maganin ciwon suga ne, yana tunzura jiki ya fitar da insulin domin sugan jini ya sauka. Na biyu maganin taɓin hankali ne, yana kwantar da mai ruɗewa, ana kuma ba da shi ga mai shaƙuwar da ta ƙi tsayawa. Dukansu ana yin su a ƙwaya mai nauyin miligiram 100. Kamanninsu ya yi yawa har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta nemi kamfanoni, tun a 2001, su riƙa buga su da manyan haruffa a inda suka bambanta: chlorproPAMIDE da chlorproMAZINE. Wannan dabara tana aiki a jikin kwali. Alƙalamin likitan da ya duba mutum sittin kafin azahar bai san da ita ba, domin hannu yakan kama farkon kalma da kyau, sannan ya saki ƙarshenta ya zama igiya.

Irin wannan igiyar ce ta iso gaban wata mai harhaɗa magunguna a wani shago cikin birnin Kano. Takardar ta wata dattijuwa ce mai shekara 68, ɗanta ne ya kawo. An karanta haruffa takwas na farko sarai, sai wani harafi mai jela da ya sauka ƙasan layi, sai lanƙwasa. Harafin p yana da jela, shi ma z na rubutun haɗe yana da ita. Bayan sunan an rubuta 100mg, sau ɗaya a rana, na mako huɗu. Ba a faɗi safe ko dare ba, ba a kuma rubuta cutar da ake yi wa magani ba, kamar yadda aka saba a yawancin takardun da ake ba majinyaci ya fita da su.

Ba a fara da wasiƙa. Mai wannan sana'a tana da 'yan hanyoyin da take bi kafin ta dami likita, kuma sau da yawa su ne ke warware matsalar. Takan duba nauyin ƙwaya, domin wasu magunguna masu kama da juna nauyinsu ya yi hannun riga. A nan 100 ya dace da duka biyun. Takan duba lokacin sha, domin maganin sugan da safe ake shansa tare da karin kumallo, ɗayan kuwa an fi ba da shi da dare saboda yana sa barci; a nan takarda ta yi shiru. Sai ta tambayi ɗan. Ya ce mahaifiyarsa ta shekara bakwai da ciwon suga, tana shan metformin. Ya kuma ce abin da ya kai su asibiti yau shi ne ta kwana goma ba ta barci, tana magana ita kaɗai cikin dare, abinci ma sai an lallaɓa ta.

Amsar ɗan ta ƙara ɗaure kan maganar. Zaton da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne maganin suga, tunda mai takardar tana da ciwon, kuma miligiram 100 sau ɗaya a rana shi ne daidai abin da ake fara wa tsofaffi da shi. Amma abin da ya kai ta asibiti yana nuni ga ɗayan. Mai harhaɗa magungunan ta auna abin da kowane kuskure zai jawo. Idan likita maganin kwantar da hankali yake nufi ita kuma ta ba da na suga, to an ƙara wa tsohuwar da ba ta cin abinci wani magani mai saukar da suga a kan wanda take sha. Chlorpropamide yana daɗewa a jiki, sai wajen awa 36 kafin rabinsa ya fita, don haka idan ya kayar da suga yakan riƙe shi a ƙasa na kwanaki, musamman ga tsoho mai raunin ƙoda. Alamun kuwa su ne gumi, rawar jiki, ruɗewa, sannan suma. A gidan da aka riga aka san Hajiya tana sambatu, ruɗewar ba za ta tayar wa kowa da hankali ba, suman kuma za a ɗauka barcin da aka daɗe ana nema mata ne ya zo. Idan kuma aka yi kuskuren ta ɗaya ɓangaren, an ɗirka wa tsohuwa maganin da zai sa ta jiri idan ta miƙe, ga haɗarin faɗuwa, suganta kuma yana ta hawa.

Ta kira lambar asibitin sau biyu, aka ce likita yana ɗakin duba marasa lafiya. Ba ta bar saƙon baka ba, domin sunayen nan biyu a kunne ma kusan ɗaya ne, balle a bakin ɗan aike. Sai ta zauna ta rubuta:

"Ranka ya daɗe Likita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan ana aiki lafiya, ina neman ƙarin haske kan takardar maganin da ka rubuta yau ga mai lambar katin da ke sama, 'yar shekara 68. Na haɗo da hoton takardar, na ja layi a ƙarƙashin wurin.

Ban iya tantance ƙarshen sunan maganin ba. Yana iya zama CHLORPROPAMIDE, yana kuma iya zama CHLORPROMAZINE, kuma 100mg ya dace da kowanne. Ɗanta ya shaida mini tana shan metformin, ya kuma ce rashin barci da ruɗewa ne suka kawo ta, ba ta kuma cin abinci sosai. Saboda haka ban ga hujjar fifita ɗaya a kan ɗaya ba.

Ina roƙon ka rubuta mini sunan da manyan haruffa a ƙasan wannan takarda, tare da lokacin sha, ka sa hannu. Idan na biyun ne, ina so ka tabbatar mini da 100mg ɗin, ganin shekarunta. Ban ba da komai ba tukuna. Ina nan har ƙarfe tara na dare, ga lambata a ƙasa.

Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri."

Ta sa sunanta da lambar rajistarta da hatimin shago, ta rubuta kwanan wata da lokaci, ta ajiye kwafi.

Kowace jimla a wasiƙar tana da aikin da take yi. Ta ce "ban iya tantance ba", ta ɗora gazawar a kan idonta, alhali kowa ya san inda gizo ke saƙa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle ga abokin aiki. Likitan da aka ce masa rubutunsa ba ya karantuwa zai fara da kare kansa, wataƙila ya mayar da ɗan aike da cewa a je wani shagon, can kuma a samu wanda zai yi zato ya miƙa ƙwaya. Wanda aka ce masa ana neman haske kuwa, haske zai bayar.

Ta kuma kawo sunayen biyu, ba ta kawo ɗaya ba. Da ta tambaya ko maganin suga yake nufi, likita mai gaggawa yana iya ganin haruffan farko ya ce e, bai kai ga ƙarshen kalmar ba. Jera su biyu da manyan haruffa yana tilasta wa ido ya tsaya ya zaɓa. Bayanin da ta samu daga ɗan ma ta mayar wa likita, domin mai yiwuwa a ɗakin duba marasa lafiya ba a ambaci metformin ko ƙin cin abinci ba. Batun yawan maganin kuwa ta sanya shi a matsayin neman tabbaci, tunda ana fara wa tsofaffi chlorpromazine da kashi ɗaya cikin uku ko rabin abin da ake ba sauran manya, amma likita na iya samun dalilin da ita ba ta gani ba. Jimlar nan ta "ban ba da komai ba tukuna" ita ce ke sanar da shi cewa majinyaciya tana jira, kuma babu ɓarnar da za a gyara.

Akwai kuma abin da ta faɗa wa ɗan lokacin da ta miƙa masa ambulan a rufe. Ta ce: "Malam, akwai magunguna biyu masu suna kusan ɗaya, ina so likita ya tabbatar mini da wanda ya zaɓa wa Hajiya. Ka yi haƙuri da zirga-zirgar." Ba ta ce likita ya yi kuskure ba. Gobe wannan iyali wurin likitan za su koma, kuma maganin da mutum ya daina yarda da mai rubuta shi ba ya shansa yadda ya kamata.

Bayan la'asar amsa ta dawo a ƙasan takardar, da manyan haruffa: chlorpromazine ne, an rage shi zuwa miligiram 25, a sha da dare, a dawo asibiti bayan mako biyu. Ta rubuta gyaran a gefen takardar asali da kwanan wata, ta maƙala amsar likita a jikinta, ta shigar a littafin shago. Sannan ta gaya wa ɗan cewa Hajiya ta riƙa zama a bakin gado kaɗan kafin ta miƙe, a kuma ci gaba da auna suganta, domin wannan magani yana iya ɗaga shi.

Wasiƙa tana da iyakarta. A wannan karon jinkirin awa uku bai cutar da kowa ba, shi ya sa ta wadatar. Da maganin farfaɗiya ne, ko insulin, ko na yaro mai zazzaɓi mai zafi, da sai an yi ta buga waya har a samu likitan ko wani da ke bakin aiki mai riƙe da fayil, a sa shi ya faɗi sunan harafi bayan harafi, a maimaita masa abin da aka ji, takarda ta biyo baya. Idan kuma ba a samu kowa ba kuma majinyaci ba zai iya jira ba, asibiti ake mayar da shi. Hanyar da babu ita a kowane hali ita ce a ɗaga takarda sama, a tara abokan aiki a tambaye su me suka gani, sannan a bi rinjaye, domin mutum uku da ke kallon igiya ɗaya zato ɗaya suke yi sau uku.