Laƙabin da aboki zai iya amsawa a gaban surukansa

Laƙabi shi ne sunan da ake ɗora wa mutum bayan sunan yanka, wato wanda aka raɗa masa a rana ta bakwai, kuma a tsakanin abokai yakan fi sunan yankan yawo, domin shi ake kira a majalisa, shi ake ajiyewa a waya, shi ne kuma yake bin mutum daga makarantar allo har zuwa gidan aurensa. Matsalar ita ce wanda yake ɗauke da laƙabin ba shi ya zaɓe shi ba, kuma da wuya a tambaye shi ko yana so.

Waɗanda suka saba da rubuce-rubucen mai wannan shafi sun san ya sha kokawa a kan yadda ake wasa da mutuncin mutane da sunan sabo, kuma abin da ya sake tayar da maganar shi ne wani ɗaurin aure na makon jiya, inda aka ɗaga murya aka kira wani magidanci mai 'ya'ya huɗu da "Mai-tumbi" a gaban surukansa da babban ɗansa. Ya amsa, ya yi yaƙe, wato murmushin da bai kai zuci ba, sannan ya sunkuyar da kai. Wanda ya kira shi amininsa ne na shekara ashirin, kuma babu shakka yana ƙaunarsa, sai dai ƙaunar ba ta hana ɗan ya ji sunan da ake kiran ubansa da shi ba.

Sunayen da suke ciwo iri biyu ne. Akwai waɗanda aka ciro daga halitta, irin su Gajere, Guntu, Duna da Gurgu, akwai kuma waɗanda aka ciro daga gida, kamar a kira mutum Agola, wato ɗan da uwarsa ta zo da shi gidan wani mijin, ko a laƙaba masa sana'ar iyayensa da sigar raini, ko a riƙa ambaton sunan mahaifiyarsa tsirara. Abin da ya haɗa su shi ne duk suna nuni ga abin da mutum bai zaɓa ba kuma ba zai iya sauyawa ba, saboda haka ba shi da hanyar kare kansa sai dai ya yi shiru.

Za a ce ai Bahaushe ya gaji barkwanci, kuma wanda ba ya ɗaukar wasa ba ya zama da mutane. Gaskiya ne akwai wasan da al'ada ta halatta tsakanin taubasai, da tsakanin kaka da jika, da tsakanin Fulani da Barebari ko Kanawa da Zagezagi, amma wannan wasa yana da ƙa'ida, domin kowane ɓangare yana da damar ramawa, kuma ana yin sa ne a lokacinsa a tashi. Laƙabi ba a tashi daga gare shi, yana nan ranar suna, yana nan ranar zaman makoki. Za a kuma ce malaman hadisi da kansu sun kira wasu maruwaita da A'amash, mai raunin gani, da A'araj, mai ɗingishi. Haka ne, kuma Imam Nawawi ya lissafa wannan a cikin wuraren da aka yi rangwame, amma bisa sharaɗin a yi shi don a gane mutum ba don a tozarta shi ba, kuma idan akwai wata hanyar gane shi ita ta fi. Aminin shekara ashirin ba ya bukatar tumbi kafin ya gane abokinsa. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da munanan laƙabobi, kuma ba ta ware abokai ba.

Abin da ya fi baƙanta rai shi ne Hausa ba ta rasa kyawawan sunaye ba, ballantana a ce dole ce ta sa. Kusan kowane sunan yanka yana tafe da inkiyarsa, wato sunan girmamawa da al'ada ta riga ta haɗa shi da shi: Abubakar ana ce masa Garba ko Sadiku, Umar Sanda ko Faruku, Usman Shehu, Ali Gadanga ko Haidar, Musa Kallamu, Yusuf kuma Maitama, kamar yadda aka san marigayi Ɗanmasanin Kano, Yusuf Maitama Sule. A ɓangaren mata A'isha ita ce Indo ko Humaira, Hauwa Kulu ko Jidda, Khadija Dije ko Kubura, Fatima Binta ko Zahra'u. Wanda ya kira abokinsa da ɗaya daga waɗannan ya nuna kusanci ba tare da ya taɓa komai nasa ba.

Idan ana son sunan da ya keɓanta da mutum ɗaya, wajen nemansa shi ne aikinsa da halinsa. A ɗauki misalin wani Umar, dogo siriri, ɗan gidan mahauta, wanda a majalisarsu shi yake dafa shayi, kuma duk lokacin da biyu suka saɓa shi yake zaunar da su. Sunayen da za su fara zuwa bakin abokai su ne Zangalo ko Ɗan-fawa, domin ido ya fi saurin ganin tsawo, kunne kuma ya fi saurin riƙe asali. Amma ga Sanda a ajiye tun daga sunansa, ga Sarkin Shayi daga hidimarsa, ga Alƙali daga sulhun da yake yi, kuma kowanne daga cikin ukun yana faɗin wani abu da shi kansa zai so a sani game da shi. Haka Abu Huraira ya samu sunansa daga 'yar kyanwar da yake ɗauka, haka kuma Annabi (SAW) ya kira Sayyidina Ali da Abu Turab a ranar da ya same shi kwance ƙura ta taɓa jikinsa, aka kuma ruwaito cewa babu sunan da Ali ya fi so kamar wannan.

Sai dai ko sunan yabo yana iya juyewa, domin idan aka kira marowaci da Mai-kyauta ko matsoraci da Gadanga ana ƙyafta ido, an koma zambo ne, wato zagi a cikin rigar yabo. Saboda haka ana gane lafiyar laƙabi ta hanyar lura da mai shi: ko yana amsawa da sauri ko sai an maimaita, ko yana gabatar da kansa da sunan idan ya kira waya, ko kuma fuskarsa tana sauyawa idan baƙo ya shigo. Dariyarsa ba hujja ba ce, don kunya da kara suna sa Bahaushe ya yi dariya a kan abin da yake ci masa rai. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne mai kiran ya tambayi kansa ko zai iya furta sunan a gaban mahaifiyar abokin, da surukinsa, da ɗansa.

Duk wanda yake da amini mai irin wannan suna, ya same shi su biyu, ba a cikin taro ba, ya tambaye shi sunan da ya fi so, ya nemi afuwarsa, sannan ya buɗe wayarsa ya gyara yadda ya ajiye lambarsa tun kafin yaran gida su haddace tsohon.